Bidiyon neman mahaya: me za a faɗa musu kan kuɗi?

Maryam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ƙaramin kamfanin kai saƙo ya ba ni aikin rubuta abin da za a faɗa a bidiyon neman sababbin mahaya babur. Mahayansu 40 ne yanzu, suna son ƙarin 15 kafin ƙarshen wata mai zuwa. Bidiyon na minti ɗaya ne, a waya za a kalle shi. Mai kamfanin ya zayyana min abin da yake so, na tsara shi kamar haka:

Sakan 0 zuwa 8: hoton gari daga sama da sassafe, kiɗa yana tashi, tambarin kamfani ya bayyana.

Sakan 8 zuwa 20: mahayi yana ratsa tsakanin motoci da gudu. Murya: "Kana son zama shugaban kanka? Kana son yin aiki lokacin da ka ga dama?"

Sakan 20 zuwa 35: yana miƙa kaya, kwastoma yana murmushi. Murya: "Shigo cikin iyalinmu, ka samu har zuwa kaza a mako."

Sakan 35 zuwa 50: mai kamfani yana ba da tarihin yadda ya fara da babur biyu.

Sakan 50 zuwa 60: tambari da lambar waya.

Shi ya gamsu, ni ce hankalina bai kwanta ba, musamman layin kuɗin nan. Don Allah waɗanda suka san harkar su duba min kafin a fita ɗauka.

Bashir: Wa alaikumus salam. Anti Maryam, ni tace bidiyo ne aikina, kuma abin da ya fara tsaya min shi ne sakan takwas ɗin farko. Mai riƙe da waya ba zai jira takwas ba. Idan sakan biyu ko uku suka wuce bai gane da shi ake ba, ya riga ya ture ya wuce. Hoton gari daga sama da tambari kowane kamfani na yi, babu abin da ke gaya wa mai babur cewa maganarsa ce. Ki fara da fuskar mutum da rubutu ƙato: ana neman mahaya. Tarihin mai kamfani kuma a cire shi gaba ɗaya, sakan 15 ne a banza. Layin kuɗi kuwa ki bar shi yadda yake. Talla ce, aikinta ta jawo mutum ya kira. Bayani sai ya zo ofis.

Nafi'u: Ina sha'awar aikin. Ina da lasisi amma ba ni da babur. Ina zan kai takarduna?

Maryam: Ƙanena Nafi'u, ba ni ce ke ɗaukar aiki ba, rubutun tallar kawai nake yi, kuma ba a fara karɓar takardu ba tukuna. Amma na gode da tambayar, don ta nuna min rubutun bai faɗi ko babur ɗin na mahayi ne ko na kamfani ba. A wannan kamfanin da naka za ka zo.

Malam Sanusi: Maryam, na daɗe ina kula da mahaya a wani kamfani irin wannan, ni nake karɓarsu ranar farko, ni nake ganin tafiyarsu. Bashir ya yi daidai a kan buɗewa da tarihin mai kamfani. A kan kuɗi ne ban yarda da shi ba. Kafin in ce komai, adadin nan na "har zuwa kaza", daga ina aka samo shi? Na wane mahayi ne, awa nawa yake yi a rana, kuma kafin a cire mai ne ko bayan an cire? Ki nemi littafin biyan mahaya na mako takwas da suka wuce ki duba, kada ki tsaya ga abin da aka gaya miki da baki.

Maryam: Malam, na samu, sun turo min ɗazu. Ba zan sa ainihin kuɗin ba tunda sirrinsu ne, amma mu ƙaddara kuɗin aike ɗaya 100 ne don lissafi ya zo da sauƙi. Adadin da ke tallar na mutum ɗaya ne, wanda ya fi kowa. Yana kai aike 22 a rana, awa 12, kwana shida a mako. Aike 132 ke nan, wato 13,200. Kafin cire komai.

Malam Sanusi: To haka na yi zato. Yanzu ki yi abu ɗaya. Ki jera mahayan nan 40 daga mai ƙarancin samu zuwa mai yawa, ki duba na 20 da na 21. Kada ki tara kuɗin duka ki raba gida 40, domin mutum uku ko huɗu na sama za su ja lissafin sama ya zama ba na kowa ba. Na tsakiyar layi shi ne wanda rabin mahaya suka fi shi, ya fi rabi. Shi ne ya fi kama da wanda zai kalli bidiyonki. Sannan ki tambayi biyu ko uku daga cikinsu abin da suke kashewa a mako.

Maryam: Na tsakiya aike 12 yake kaiwa a rana, awa tara, kwana shida. Aike 72, wato 7,200. Na kira biyu daga cikinsu. A wannan ma'aunin, mai yana cin kusan 1,800 a mako. Baƙin mai, birki, sarƙa, faci da ajiyar kuɗin taya kusan 700. Data da katin kiran kwastoma kusan 300.

Malam Sanusi: An cire 2,800 ke nan, saura 4,400. Ki dubi tazarar da kyau. Talla ta ce 13,200, abin da mutumin tsakiya ke shiga da shi gida 4,400, kashi ɗaya cikin uku cif. Kuma wannan wanda ya riga ya san hanya ne. Sabo a makonsa na farko da na biyu da wuya ya wuce aike bakwai ko takwas a rana, don bai san lunguna ba, bai san shagon da ke ɓata lokaci ba, bai iya haɗa aike biyu a hanya ɗaya ba.

Abin da ke faruwa, na gan shi ba sau ɗaya ba. Mutum ya ga bidiyo, ya yi lissafi a kan babban adadin. Wani ya bar ɗan aikin da yake yi. Wani ya karɓi babur na biya a hankali, ya ɗaure kansa da biyan mako-mako. Ranar biyan farko ya duba abin da ya shigo, ya ga ko rabin abin da ya ƙudura bai kai ba. Ba zai ce ni sabo ne ba, zai ce an yaudare ni. Mako na uku ba ka ganinsa. Kamfani ya yi asarar kwanakin koyarwa, wani lokaci da akwati da riga, sannan mutumin ya koma cikin abokansa masu babur ya ba su labari. Su ne kuma mutanen da za ki nema a bidiyo na gaba.

Shi ya sa nake cewa mai kamfanin nan ba kira 300 yake buƙata ba. Mutum 15 yake buƙata waɗanda za su kai wata uku suna aiki. Rubutun da zai kawo kira da yawa daban, wanda zai kawo masu zama daban.

Bashir: Malam, da girmamawa, amma ai ba ƙarya aka yi ba. Akwai wanda ya samu 13,200 ɗin, kuma an ce "har zuwa". Idan Anti Maryam ta sa 4,400, kamfanin da ke gefe ya sa babban adadinsa, wa zai kira su? Kasuwa ce.

Zainab: Bashir, a harkar talla nake, kuma hujjar nan ta "ai akwai wanda ya samu" an gwada ta a wasu ƙasashe ba ta kuɓutar da kowa ba. A Amurka, hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta tuhumi Uber da zuzuta abin da direbobi ke samu a tallan neman direbobi, a 2017 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 20. A 2024 Lyft, mai irin aikin Uber, ta amince da tarar dala miliyan 2.1, kuma abin da aka kama ta da shi daidai yake da na Maryam: tana tallata "har zuwa kaza a awa", alhali adadin na kashi ɗaya cikin biyar na direbobin da suka fi samu ne. A ƙarshen shekarar kuma Grubhub, mai kai abinci, ya amince da biyan dala miliyan 25 kan wasu tuhume-tuhume, ciki har da batun abin da ya ce masu kai saƙo za su samu. Ban ce kowace ƙasa tana hukunci haka ba. Abin lura shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi: me mai kallo zai fahimta, ba me lauya zai iya karewa ba. Mai babur da ya ji adadi a kunnensa, adadin yake riƙewa, kalmomin da suka zo kafinsa ba sa zama.

Auwalu: Ni mahayi ne, kuma bidiyo irin wannan ne ya kai ni kamfanin da na fara yi wa aiki. Kuɗin ma bai ƙona min rai kamar maganar "aiki lokacin da ka ga dama" ba. Na shiga ne don ina da karatun yamma. Da na je sai aka ce ƙarfe takwas na safe a buɗe manhaja, idan ka ƙi karɓar aike uku a jere a rufe ka na rana guda, kuma garaɓasar mako sai wanda ya yi aikin dare. To ina ganin damar? Da sun ce min safe ko yamma za ka zaɓa amma awa tara ne, da na san yadda zan tsara kaina, ko in haƙura tun farko.

Abu na biyu da babu mai faɗa a talla shi ne jira. Za ka isa shago, kaya ba su haɗu ba, ka tsaya minti ashirin ko fiye, babu ko sisi a kai. Ka kai kaya, kwastoma ya kashe waya, ka yi ta zagaye kana ƙona mai. Wani ya soke bayan ka riga ka ɗauko. Anti Maryam, idan kamfanin nan yana biyan wani abu a kan irin wannan, wallahi ki sa shi a gaba. Mu mahaya shi za mu ji, ba murmushin kwastoma ba.

Maryam: Auwalu, Allah ya saka da alheri. Na tambaya. Suna da zubi biyu, safe da yamma, mahayi ne ke zaɓa a farkon mako, amma awa tara ne dole. Ba sa biyan jira. Amma idan kwastoma ya soke bayan an ɗauko kaya, suna biyan cikakken kuɗin aike. Mai kamfanin bai ma ɗauki wannan abin faɗa ba, da na tambaye shi cewa ya yi ai kowa na yi.

Auwalu: Ba kowa ba. Inda na fara ba a biya. Inda nake yanzu rabi ake ba mu.

Hajiya Binta: Ni dai shawarata, a nuna cewa kaya suna isa lafiya kuma a kan lokaci. Ina aika kaya kullum, abin da ke damuna shi ne mahayi ya ce yana hanya alhali bai taso ba, ko kaya su iso a jiƙe. A sa a bidiyon cewa kamfanin na biyan diyya idan kaya suka lalace, za ku ga yadda mutane za su yi ta kira.

Zainab: Hajiya, wannan bidiyon ba na masu aika kaya ba ne, na neman waɗanda za su hau babur ɗin ne. Sai dai maganarki ta taɓo wani wuri: idan kaya suka lalace ko suka ɓata, daga aljihun wa ake cirewa? Idan na mahayi ne, ya kamata ya sani kafin ya sa hannu. Ba lallai a cusa shi cikin bidiyo ba, amma ya kasance a saƙon farko da za a tura wa duk wanda ya nema.

Hajiya Binta: To na fahimta, 'yata. Amma a zaɓo masu amana, don gidajenmu suke zuwa.

Malam Sanusi: Hajiya, wannan aikin tantancewa ne, kuma bidiyo zai iya taimakawa idan ya faɗi sharuɗɗa a fili: lasisi, takardun babur, katin shaida, mai tsaya maka. Wanda ba shi da su ba zai ɓata lokacinsa da na ofis ba.

In koma kan "shugaban kanka". Ban da abin da Auwalu ya faɗa, kalmar tana da nauyi a shari'a, don ita ce tushen rigimar ko mahayi ma'aikaci ne ko mai zaman kansa. Ƙasashe ma ba su daidaita ba. Sifen ta yi doka a 2021 da ke ɗaukar masu kai saƙon manhaja a matsayin ma'aikata, a Birtaniya kuma kotun ƙoli ta yanke a 2023 cewa mahayan Deliveroo, mai kai abinci, ba su cikin dangantakar ma'aikaci da mai aiki. Marubuciyar talla ba ita za ta warware wannan ba. Abin da za ki iya shi ne ki karanta takardar yarjejeniyar da mahayi ke sa wa hannu, duk jimlar da ba ta cikinta kada ta shiga bidiyo. Kamfani mai zubi da awa tara na dole ba shi da hurumin cewa "lokacin da ka ga dama". Haka "iyalinmu". Idan mahayi ya faɗi ya karye, wa ke biyan asibiti? Akwai inshora? Idan akwai, a faɗe ta da sunanta. Idan babu, a bar maganar iyali.

Maryam: Babu inshora tukuna, ya ce suna kan magana da wani kamfani. Na cire "iyali", kuma ba zan sa abin da ba a kammala ba.

Bashir: Na ji duka, amma ku tuna da lokaci. Mutum yana faɗin kalma biyu zuwa biyu da rabi a sakan idan ana son a ji shi sosai. Minti ɗaya bai wuce kalma 120 zuwa 150 ba, kuma ni da za a bi ta tawa sakan 45 ya isa, kalma ɗari da 'yan kai. Duk abin da kuke lissafawa ba zai shiga ba, sai an zaɓa. Anti Maryam, ki karanta rubutun da ƙarfi da agogo a hannu, kada ki ƙiyasta da ido.

Sannan da yawa za su kalla ne murya a kashe, a wurin jira ko cikin hayaniya. Duk jimla mai muhimmanci ta fito a rubuce, layi biyu kawai a lokaci guda, manyan haruffa. A ɗauka a tsaye, 9:16. Kada a sa lambar waya can ƙasa ko gefen dama, don a TikTok da makamantansa nan ne maɓallai da sunan shafi ke rufewa. Tsakiya za a sa ta.

Auwalu: Kuma don Allah a cire wurin ratsa motoci da gudu. Duk mahayin kirki da ya gani zai san kamfanin na matsa wa mutane kan lokaci. Wanda abin zai burge kuwa shi ne wanda zai fasa muku akwati a makon farko. Iyaye da mata ma suna kallo. Ni sai da mahaifiyata ta ga bidiyon kafin ta yarda.

Bashir: Wannan na yarda, ko don ɗaukar ma. Ba na sa mahayi ya yi magana da kamara yana tuƙi. Idonsa zai bar hanya, iska kuma za ta cinye muryar, sai dai a sake naɗa. Ya tsaya, ya kashe inji, a maƙala masa ƙaramin makirufo a wuyan riga. Hoton tafiya a ɗauke shi daga gefen titi ko daga wata motar, a hanya marar cunkoso, hular kwano a ɗaure, igiyar a ƙarƙashin haɓa. Abin da mutane ke mantawa shi ne fuskar waya. Idan za a nuna aike yana shigowa, a ƙirƙiri na gwaji, don na gaske yana ɗauke da suna da adireshi da lambar kwastoma. Lambar gida da fuskokin masu wucewa ma a kula.

Zainab: A ƙara da izinin mahayin da za a nuna, a rubuce, da tsawon lokacin da za a yi amfani da fuskarsa, kuma a biya shi ranar da ya bar aiki ya tsaya ɗauka. Ni na fi son mahayin gaske a kan ɗan wasa, masu babur suna gane nasu daga yadda mutum ke ɗaure akwati. Amma kada a ɗauko zakaran nan mai aike 22 a sa shi ya ce "ni ina samun kaza". Gaskiya zai faɗa, amma an koma gidan jiya. A ɗauko na tsakiya.

Maryam: Ga sabon tsari, sakan 45. Na karanta da agogo, ya shiga.

Sakan 0 zuwa 4: mahayi tsaye kusa da babur, hular kwano a hannu. Rubutu: ANA NEMAN MAHAYA. Murya: "Kana da babur da lasisi? Muna neman masu kai saƙo."

Sakan 4 zuwa 14: aike ya shigo waya, ya karɓi kaya, ya rufe akwati. Murya: "Aikin kwana shida ne a mako, awa tara a rana, safe ko yamma, kai za ka zaɓa. Ana biya kan kowane aike, duk ƙarshen mako."

Sakan 14 zuwa 26: ya tsaya, inji a kashe, yana duban kamara. Murya: "Mahayinmu na tsakiya yana kai aike goma sha biyu a rana. Mai da gyara a kanka suke. Makonnin farko ba za ka kai haka ba, sai ka san hanya." Rubutu: kuɗin aike ɗaya, da watan da aka yi lissafin.

Sakan 26 zuwa 36: akwati, riga, hular kwano. Murya: "Akwati, riga da hular kwano namu ne. Idan kwastoma ya soke bayan ka ɗauko kaya, za a biya ka."

Sakan 36 zuwa 45: lamba a tsakiya. Murya: "Ba a biyan ko sisi don neman aikin nan. Aiko da kalmar BABUR ta wannan lambar, za mu amsa cikin kwana ɗaya."

Malam Sanusi: Wannan ya fi nesa ba kusa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kin ba shi yawan aike da kuɗin aike ɗaya, kin bar masa lissafin. Mai babur ya fi ki sanin abin da injinsa ke sha. Layin "ba a biyan ko sisi" ki riƙe shi da kyau, don 'yan damfara kan kwafi irin wannan bidiyon su canja lamba su riƙa karɓar kuɗin fom. Saboda haka ma muryar ta faɗi sunan kamfani, ba rubutu kaɗai ba.

Abu ɗaya: "cikin kwana ɗaya" alkawari ne. Wa zai zauna da wayar? Idan babu wanda aka ware, saƙonni za su taru, mai nema ya jira kwana huɗu ya tafi wani wuri, kuɗin talla ya tafi a iska. A naɗa mutum, a rubuta saƙon amsa tun kafin a saki bidiyo, ya ƙunshi takardun da ake so, hukuncin kayan da suka lalace, da ranar zuwa.

Zainab: Ni ina da ja a kan sa kuɗin aike a cikin bidiyon. Bidiyo ya fi adadi daɗewa. Za a tura shi a WhatsApp, ya yi ta yawo wata shida, alhali kuɗin mai ya canja, kamfani ya sake farashi. Wani ya zo da tsohon adadi a kansa, an dawo maganar yaudara ba da niyya ba. Gara a faɗi yawan aike a bidiyo, kuɗin ya zauna a saƙon amsa inda za a iya gyara shi kullum.

Malam Sanusi: Na ga hujjarki, amma tallar aiki da ba ta faɗi kuɗi ba, mahaya suna karanta ta a matsayin kuɗin ba shi da kyau. Shi ya sa Maryam ta sa watan da aka yi lissafin a jiki. Idan farashi ya canja, a sake rubutun allon kawai, tunda muryar ba ta ambaci kuɗi ba. Aikin rabin awa ne, ko ba haka ba Bashir?

Bashir: Ko rabin awa ba zai kai ba idan an ajiye min fayil ɗin aikin. Amma Anti Zainab tana da gaskiya cewa tsohon ba zai gogu daga wayoyin mutane ba. Ni kuma har yanzu layin "makonnin farko ba za ka kai haka ba" yana tsorata ni. A tsakiyar talla kana gaya wa mutum zai sha wahala. Ina ganin a nan za a rasa rabin masu kallo.

Auwalu: Ni layin nan ne zai sa in yarda da sauran.

Nafi'u: Ni kuma a sakan huɗun farko na gane ba ni ciki, tunda ba ni da babur. Idan sun fara bayar da nasu a sanar da mu.

Zainab: Bashir, ba sai mun yi ta gardama ba, a gwada. A yi kwafi biyu, ɗaya da layin, ɗaya babu. Na farko ya ce a aiko da BABUR, na biyu ya ce a aiko da AIKE, a kashe musu kuɗin talla daidai, a kwanaki ɗaya. Mai amsa waya ya rubuta kalmar da kowa ya zo da ita. Kada a yanke hukunci da yawan kallo ko yawan saƙo. A ƙirga wanda ya zo da takardu, wanda ya fara aiki, da wanda ke nan bayan kwana 30. Sai dai in faɗa tun yanzu, da mutum 15 kawai, bambancin mutum ɗaya ko biyu ba zai tabbatar da komai ba. Sai tazarar ta yi faɗi za a dogara da ita.

Maryam: Na kai masa sabon rubutun da lissafin 13,200 da 4,400 gefe da gefe. Ya yarda a cire gudu cikin motoci da "shugaban kanka", ya yarda da kwafi biyu, kuma ya ware yarinyar ofis ta riƙe wayar. Tarihinsa ya ce a yi masa bidiyo daban. Inda muka tsaya shi ne babban adadin. Yana so ko da a ƙaramin rubutu a sa cewa mahayin da ya fi kowa yana kai 22 a rana. Na ce idan za a sa, sai dai "awa 12" ta zo a layi ɗaya da shi, da girman harafi ɗaya, kuma bayan na tsakiya. Bai amsa ba tukuna. Malam Sanusi, a ganinka in amince da hakan ko in tsaya a kan a bar shi gaba ɗaya?

Malam Sanusi: Da awannin a jiki ba ƙarya ba ce, zan iya zama da ita. Damuwata wata ce daban. Awa 12 a kan babur kwana shida a mako, gajiya ce da ke kai mutum ƙasa, kuma kamfanin da ba shi da inshora yana nuna ta a matsayin abin koyi. Ki tambaye shi ko yana son sababbi 15 su riƙa bin wannan sahun. Idan ya ce a'a, to ya bar adadin a littafinsa.

Bashir: Ni dai a ba ni amsa kafin ranar ɗauka, don wurin rubutun a allo ya danganta da ita. Layi uku ba za su zauna a sakan 12 ba sai an tsawaita wurin.